Tambayoyi da amsoshi kan integiral ɗin Gamma: tsaninsa, da dalilin da ya sa Γ(1/2) yake √π

Duk ranar Asabar bayan la'asar nakan zauna da wasu ɗalibai a wani ɗaki da ke Tudun Wada, a nan Kaduna, mu yi bitar lissafi. Yawancinsu 'yan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne masu karatun injiniyanci, sai 'yan kaɗan daga Jami'ar Jihar Kaduna masu karanta lissafi ko fizis. Shekara da shekaru, da mun iso kan fanshin ɗin Gamma sai in ga tambayoyin ba su canzawa, fuskokin masu tambayar ne kawai suke canzawa. Shi ya sa na tattara su a nan kamar yadda ake yi mini su, da amsoshin da nake bayarwa. Na ɗauka mai karatu ya san integireshan na farko-farko, ya kuma taɓa jin dabarar da a aji muke kira bai-fats.

Malam, wai mene ne wannan Γ ɗin, kuma me ya haɗa shi da faktoriyal?

Harafin Girkanci ne, sunansa Gamma. Ga abin da ake nufi da shi:

Γ(s) = ∫₀^∞ t^(s−1) e^(−t) dt

Kai ne za ka zaɓi lambar s. Da ka zaɓa, sai ka zana lanƙwasar t^(s−1) e^(−t) daga t = 0 har abin da ba shi da iyaka, ka auna girman filin da ke ƙarƙashinta. Wannan girman shi ne Γ(s). Lura cewa t ba ya fitowa a amsa, aikinsa ya ƙare a cikin integiral. Abin da ya rage lamba ce guda da ta dogara ga s kaɗai.

Abubuwa biyu ne suke ja-in-ja a ciki. Shi t^(s−1), idan s ya fi 1, hawa yake yi. Shi kuwa e^(−t) sauka yake yi, kuma saukarsa da gaggawa ce. Da farko mai hawan yakan yi rinjaye, lanƙwasar ta tashi ta yi tudu, daga baya mai saukar ya danne shi har ƙasa. Shi ya sa filin yake da iyaka duk da cewa tsawonsa ba shi da ita.

Gwada s = 1. Fawar t ta zama sifili, sai ya rage ∫₀^∞ e^(−t) dt, wanda amsarsa 1 ce. Idan ka gwada s = 2 za ka sami 1, s = 3 ya ba ka 2, s = 4 ya ba ka 6, s = 5 ya ba ka 24. Waɗannan lambobin ka san su: 0!, 1!, 2!, 3!, 4!. Wato Γ(n) = (n−1)! ga kowace cikakkiyar lamba n daga 1 zuwa sama. Bambancin shi ne faktoriyal ba ya karɓar rabi ko kwata, don ba ka iya cewa "ninka lambobi daga 1 zuwa biyu da rabi". Shi integiral ɗin bai damu ba. Ba shi s = 2.5, zai auna maka filin ya ba ka amsa.

Daga ina dokar Γ(s+1) = sΓ(s) ta fito? A littafi kawai suka ce "ta hanyar bai-fats".

To bari mu yi shi a hankali, don a nan ne kusan komai yake. Fara da Γ(s+1). Tunda fawar kullum tana ƙasa da abin da ke cikin baka da ɗaya, sai ta zama s:

Γ(s+1) = ∫₀^∞ t^s e^(−t) dt

Dabarar bai-fats ta ce ∫u dv = uv − ∫v du. Zaɓin da za ka yi shi ne u = t^s, dv = e^(−t) dt. Dalilin wannan zaɓi a fili yake: idan ka yi wa t^s difarenshiyeshan, fawarsa tana raguwa da ɗaya, kuma abin da kake nema ke nan, ka sauko daga s+1 zuwa s. Shi e^(−t) kuwa ko ka yi masa integireshan bai canza kama ba, alamar debewa kawai yake ɗaukowa. Saboda haka du = s t^(s−1) dt, v = −e^(−t). Sai a samu:

Γ(s+1) = [−t^s e^(−t)]₀^∞ + s ∫₀^∞ t^(s−1) e^(−t) dt

Dubi alamar da ke tsakiya. Debewa ta dokar da debewa ta v suka haɗu suka zama tarawa. Wanda ya manta da ɗaya daga cikinsu zai ƙare da −sΓ(s), kuma nan take ya kamata ya gane kuskure ne, don filin da ke saman layi ba ya fitowa ƙasa da sifili.

Integiral ɗin da ya rage a dama shi ne Γ(s) daidai. Abin da ya saura shi ne wancan da ke cikin bakar kusurwa, wanda nake kira kason baki, domin a bakin iyakoki biyu ake auna shi. Idan ya zama sifili a duka bakunan, doka ta tabbata.

Ai kason bakin kullum sifili ne, ko? Mu dai soke shi muke yi.

Wannan soke shi da kuke yi ba tare da dubawa ba shi ne yake cinye muku maki. Ba kullum ba ne, kuma baki biyun dalilinsu daban-daban ne.

A bakin sama, inda t yake tafiya ba iyaka, tambayar ita ce wa zai yi nasara tsakanin t^s da e^(−t). Ɗauki s = 3 ka gani da idonka. A t = 3, t³e^(−t) yana kusan 1.34, nan ne ƙololuwar tudun. A t = 10 ya sauko zuwa kusan 0.045. A t = 20, ko da yake t³ ya kai 8000, abin da ya rage kusan 0.0000165 ne. Ga dalilin: e^t jimla ce ta 1 + t + t²/2! + t³/3! da sauransu ba ƙarewa, dukkansu sama da sifili. Saboda haka e^t ya fi t^m/m! ga kowace m da ka ga dama. Zaɓi m da ta fi s girma, sai t^s/e^t ya kasa m!/t^(m−s), wanda shi kansa yana tafiya sifili. Ko s ɗari ne, haka abin zai ƙare, sai dai ya ɗauki lokaci. A wannan bakin babu wani sharaɗi.

A bakin ƙasa, inda t = 0, e^(−t) ya zama 1, ba ya taimaka maka da komai. Komai ya rataya ga t^s. Idan s ya fi sifili, t^s yana tafiya sifili, lafiya lau. Idan s = 0, t^s ɗaya ne, kason bakin bai mutu ba. Idan s yana ƙasa da sifili, t^s tashi yake yi ba iyaka. To ka ga sharaɗin ke nan: s > 0. Duk wanda ya rubuta hujjar bai ambaci wannan ba, rabin aikin ya yi. Ni idan ina duba takarda, layin da nake fara nema ke nan.

Me ya sa kike cewa dokar tsani ce? (Wannan wata ɗaliba ce ta yi wa wata malama da ke taya ni bita, ni kuma na ari kalmar tun daga ranar.)

Domin abin da dokar take yi ke nan: tana ɗaga ka taki ɗaya, daga s zuwa s+1, ba ƙari ba ragi. Idan ƙafar tsanin tana kan Γ(1) = 1, to Γ(2) = 1 × 1 = 1, Γ(3) = 2 × 1 = 2, Γ(4) = 3 × 2 = 6, Γ(5) = 4 × 6 = 24. Faktoriyal ya fito da kansa, kuma 0! = 1 da ake ba ku a sakandare kamar umarni ya zama abin da aka lissafa: shi ne Γ(1).

Amma tsani ba ya tsayawa a iska, sai an kafa shi a kan wani abu. Wanda aka kafa a kan 1 yana bi ta 2, 3, 4, ba zai taɓa taka 1/2 ko 3/2 ba. Su rabi-rabin suna da nasu tsanin daban: 1/2, 3/2, 5/2, 7/2. Dokar ta gaya maka yadda kowane taki yake da na ƙasa da shi, amma ba ta gaya maka tsayin takin farko ba. Sai ka nemo shi ta wata hanya.

To me zai hana in ci gaba da bai-fats har in sami Γ(1/2)?

Gwada mana. Idan ka bi ta sama, za ka sami Γ(1/2) = 2Γ(3/2), wato ka mayar da abin da ba ka sani ba zuwa wani abin da ba ka sani ba. An gudu ba a tsira ba. Idan ka bi ta ƙasa, ka ɗauki u = t^(−1/2), kason bakin zai fashe a sifili. A wajen cikakkun lambobi dabarar tana aiki ne domin fawar t tana sauka 3, 2, 1, har ta dira daidai kan sifili, t ya ɓace. Fawar da ta fara da rabi tsallake sifilin take yi.

Akwai ma hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Ɗauki wani fanshin, G(s) = Γ(s) × (1 + sin²(πs)). Shi 1 + sin²(πs) ba ya canzawa idan ka ƙara wa s ɗaya, don haka G yana bin dokar tsani daidai. A kan cikakkun lambobi sin(πs) sifili ne, don haka G yana ba da faktoriyal daidai. Amma a s = 1/2, sin ɗaya ne, sai G ya ninka Γ sau biyu. Fanshin biyu, doka ɗaya, faktoriyal ɗaya, amsa daban a rabi. Ashe dokar tsani ita kaɗai ba za ta iya yanke hukunci kan rabi ba. Dole a koma ga integiral ɗin kansa.

Ga mai son ƙarin bayani: a 1922 wasu masana lissafi biyu 'yan Denmak, Harald Bohr da Johannes Mollerup, suka nuna cewa idan aka ƙara sharaɗi guda, wato logaridim ɗin fanshin ɗin ya riƙa lanƙwasa ta sama kamar cikin ƙwarya ba tare da kwan-gaba-kwan-baya ba, to Γ ne kaɗai ya cika shi. Wancan G ɗin nawa yana tangal-tangal tsakanin lambobi, shi ya sa ya faɗi.

Kafin nan, Malam: a s = 1/2 ai lanƙwasar tana tashi ba iyaka a kusa da sifili. Ta yaya filin zai zama da iyaka?

Tambaya mai kyau, kuma ba kowa ke lura da ita ba. Abin da muke aunawa shi ne e^(−t)/√t, kuma gaskiya ne a kusa da sifili yana hawa ba tsayawa. Sai dai tsayi kaɗai ba ya sa fili ya zama marar iyaka, sai an duba yadda yake tsukewa.

Bar e^(−t) a gefe, tunda a wajen kusan 1 ne. Integiral ɗin 1/√t shi ne 2√t. Daga 0.01 zuwa 1 filin 1.8 ne. Daga 0.0001 zuwa 1 ya zama 1.98. Kana matsawa kusa da sifili yana kusantar 2, ba ya wucewa. Yanzu kwatanta da 1/t, wato abin da s = 0 zai ba ka. Daga 0.01 zuwa 1 filin kusan 4.6 ne, daga 0.0001 kusan 9.2, kuma duk sanda ka ƙara sifili biyu sai ya ƙaru da wani 4.6. Wannan ba shi da inda zai tsaya. Shi ya sa Γ(1/2) yana nan, Γ(0) kuwa babu shi. Kuma ka ga sharaɗin s > 0 ya sake fitowa ta wata ƙofa.

To nuna mana yadda √π ya fito.

Mataki biyu ne. Na farko sauya harafi, na biyu dabara.

Sa t = u². Sai dt = 2u du, kuma t^(−1/2) = 1/u. Iyakokin ba su canza ba. Idan ka haɗa su, u na sama da u na ƙasa suka kashe juna:

Γ(1/2) = 2 ∫₀^∞ e^(−u²) du

Tashin nan da ya dame ka a kusa da sifili ya tafi. Kuma tunda e^(−u²) hagunsa da damansa iri ɗaya ne, ninka rabin dama sau biyu daidai yake da ɗaukar layin gaba ɗaya. Mu kira shi J:

J = ∫ e^(−u²) du, daga −∞ zuwa ∞

A nan ɗalibi yakan ɓata awa guda yana neman fanshin ɗin da deribatif ɗinsa zai ba da e^(−u²). Kada ka wahalar da kanka. An tabbatar babu shi a cikin fanshin ɗin da muka saba da su, wato masu fawa, logaridim, sin, cos da danginsu. Ba rashin ƙoƙarinka ba ne.

Dabarar ita ce a bar J a nemi J². Rubuta J sau biyu, ɗaya da harafin x, ɗaya da y, ka ninka su. Tunda e^(−x²) × e^(−y²) = e^(−(x²+y²)), sai J² ya zama jimlar e^(−(x²+y²)) a kan shimfiɗar x da y baki ɗaya. Yanzu ba fili muke aunawa ba, cikin wani tudu muke aunawa. Ka ɗauka tsibin gero ne aka zuba a tsakar gida: tsayinsa 1 a tsakiya, yana gangarowa ta ko'ina daidai wa daida.

Me ya sa daidai wa daida? Domin x² + y² shi ne r², inda r yake nisan wuri daga tsakiya. Tsayin tsibin bai san gabas ko yamma ba, nisa kawai ya sani. Tunda haka ne, yanka shi murabba'i-murabba'i ɓata lokaci ne. Yanka shi zobe-zobe, kamar yadda albasa take idan an yanka ta a kwance. Zoben da ke nisan r yana da kewaye 2πr, kaurinsa dr, don haka ƙasan da ya rufe 2πr dr ne. Tsayin tsibin a kansa e^(−r²). Tara zobban duka:

J² = ∫₀^∞ 2πr e^(−r²) dr

Ka ga wannan r ɗin da ya shigo gaba? Shi ne abin da muka rasa tun farko. Deribatif ɗin −e^(−r²) shi ne 2r e^(−r²) daidai. Don haka J² = π × [−e^(−r²)]₀^∞ = π × (0 + 1) = π. J kuwa fili ne a saman layi, ba ya zama ƙasa da sifili, saboda haka:

Γ(1/2) = √π ≈ 1.77245

Ɗalibai sukan yi mamakin ganin π a wurin da babu da'ira. Ruwa ba ya tsami banza. Da'irar tana nan, ɓoye take a cikin x² + y², ba ta bayyana sai an ninka integiral ɗin da kansa. Shi ya sa ma abin da ya fito √π ne ba π ba: J biyu ne suka haɗu suka ba da π guda.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a rubuta dr kawai a manta da r ɗin da ke cikin 2πr dr. Alamar gane shi mai sauƙi ce: idan bayan ka koma zobba ka tarar da kanka a gaban ∫e^(−r²) dr, wato abin da ka gudo daga gare shi, to ka yar da r a hanya.

Akwai yadda zan tabbatar da wannan lambar da kalkuleta, ba sai na yarda da hujjar kawai ba?

Akwai, kuma gani ya kori ji. Wata ranar hunturu aka ɗauke mana wuta, babu kwamfuta, muka yi shi a allo da kalkuletar waya cikin minti biyar. Yi amfani da dokar tirafiziyam a kan e^(−u²) da taki 0.5. Ga tsayin lanƙwasar a u = 0, 0.5, 1, 1.5, 2, 2.5, 3:

1, 0.7788, 0.3679, 0.1054, 0.0183, 0.0019, 0.0001

Na farko rabinsa ake ɗauka, wato 0.5. Tara shi da sauran shida, za ka sami 1.7724. Ninka da takin 0.5, ka sami 0.8862, sannan ninka da 2 ɗin da ke gaban integiral, ka dawo 1.7724. Yanzu danna √π. Lambobi bakwai kacal suka kai mu nan. Amma kada ka gwada wannan a kan e^(−t)/√t kai tsaye, don tsayin farko ma ba shi da iyaka, kuma ko ka tsallake shi amsar za ta yi nisa da gaskiya. Sauya harafin da muka yi shi ne ya gyara wurin.

Mai kwamfuta kuma zai iya dubawa da Python:

```python
import math
print(math.gamma(0.5), math.sqrt(math.pi))
```

A Excel akwai `GAMMA(0.5)`.

Abokina ya ce (1/2)! shi ne 0.886, ni kuma na ce 1.772. Wa ya yi daidai?

Abokinka. Kai Γ(1/2) ka faɗa, shi kuma Γ(3/2). Tunda n! = Γ(n+1), to (1/2)! = Γ(3/2) = (1/2) × √π ≈ 0.8862. Shi √π ɗin kansa (−1/2)! ne.

Hanyar tunawa: rabi yana tsakanin 0 da 1, kuma 0! da 1! duk ɗaya ne. Lanƙwasar tana ɗan lotsawa a tsakaninsu, mafi ƙasƙancinta kusan 0.8856 ne, a wajen n ≈ 0.46, wato s ≈ 1.46 a Γ. To 0.886 ya zauna daidai a cikin lotsawar, 1.772 kuwa ya yi tsayi da yawa.

Wannan gocewar da ɗaya gado ce ta tarihi. Leonhard Euler ne ya warware matsalar faɗaɗa faktoriyal a wasiƙun da ya rubuta wa Christian Goldbach a 1729 da 1730, kuma siffar da ya bayar ita ce n! = ∫₀¹ (−ln x)^n dx, wadda idan ka sa t = −ln x za ta koma tamu. Adrien-Marie Legendre ne daga baya, a farkon ƙarni na 19, ya kawo harafin Γ tare da s−1 ɗin. Carl Friedrich Gauss ya yi amfani da Π, inda Π(n) = n! kai tsaye. A ganina na Gauss ya fi sauƙi ga mai koyo, amma na Legendre ne ya bi duniya, da shi za a yi maka jarrabawa.

A yi mana misali irin na jarrabawa daga farko har ƙarshe.

Ga shi: nemo ∫₀^∞ x^(3/2) e^(−4x) dx.

Abu na farko, wannan ba Γ ba ne tukuna, saboda 4 ɗin da ke manne da x. Sa t = 4x. Sai x = t/4, dx = dt/4. To x^(3/2) ya zama t^(3/2)/4^(3/2), wato t^(3/2)/8. Haɗa 8 ɗin da 4 na dx, ka sami 32 a ƙasa:

(1/32) ∫₀^∞ t^(3/2) e^(−t) dt

Abu na biyu, wane s ne? Fawar ita ce s−1 = 3/2, don haka s = 5/2. A nan mutane da yawa suke rubuta Γ(3/2) su wuce.

Abu na uku, sauko da tsani: Γ(5/2) = (3/2)Γ(3/2) = (3/2)(1/2)Γ(1/2) = 3√π/4 ≈ 1.3293. Ka lura abin da ake ninkawa da shi kullum yana ƙasa da na cikin baka da ɗaya: Γ(5/2) da 3/2 yake farawa, ba da 5/2 ba.

Amsa: 3√π/128 ≈ 0.0415.

Kafin ka miƙa takarda, auna amsar da maƙwabtanta. Da fawar 1 ce, amsar 1!/4² = 0.0625 ce. Da 2 ce, 2!/4³ = 0.03125. Tamu fawar 1.5 ce, kuma 0.0415 ya faɗa tsakaninsu. Wanda ya manta da 4 na dx zai sami 0.166, wanda ya fita daga tsakanin nesa ba kusa ba. Wanda ya ɗauki Γ(3/2) zai sami 0.0277, shi ma ya fita ta ƙasa. Awo ɗaya ya kama kurakurai biyu.

Dokar gaba ɗaya, ga a > 0 da s > 0, ita ce ∫₀^∞ x^(s−1) e^(−ax) dx = Γ(s)/a^s. 'Yan injiniyanci za su gane ta, don ita ce tiransifom ɗin Laplace na fawar t. Daga nan ne √(π/p) da kuke gani a tebur a gaban 1/√t ya fito.

Na ga an rubuta Γ(−1/2) = −2√π. Ba ka ce s sai ya fi sifili ba?

Na faɗa, kuma ban janye ba. Integiral ɗin ba ya aiki a s = −1/2. Dubi abin da ke cikinsa, t^(−3/2) e^(−t): ko'ina sama da sifili yake, kuma filinsa a kusa da sifili ba shi da iyaka. Ta yaya zai ba da −3.545? Ba zai bayar ba.

Abin da aka yi shi ne an juya dokar tsani, Γ(s) = Γ(s+1)/s, aka mai da ita ma'anar Γ a inda integiral ya gaza. Da s = −1/2 sai a sami √π a raba da −1/2, wato −2√π. Halas ne a matsayin faɗaɗa fanshin, amma ba girman wani fili ba ne. Idan aka ba ka ∫₀^∞ x^(−3/2) e^(−x) dx aka ce ka lissafa, amsar ita ce ba ya tsayawa a kan wata lamba. Wanda ya rubuta −2√π ya faɗa tarko.

A s = 0 ko juyin bai cece ka ba, don rabawa da sifili ne. Tunda takin sifili ya karye, duk na ƙasa da shi a wannan tsanin, −1, −2, −3, sun tafi tare da shi. Tsanin rabi-rabi kuwa yana sauka lafiya, alamarsa tana juyawa a kowane taki: Γ(−3/2) = 4√π/3.

Ban da jarrabawa, ina ake haɗuwa da rabi-rabin nan?

Wuri ɗaya da nake son nunawa shi ne girman cikin ƙwallo. Akwai doka guda ga kowane adadin fuskoki n, idan radiyos 1 ne: π^(n/2)/Γ(n/2 + 1). Sa n = 2, ka sami π/Γ(2) = π, filin da'ira. Sa n = 3, ka sami π^(3/2)/Γ(5/2). Mun riga mun san Γ(5/2) = 3√π/4, sai √π na sama da na ƙasa suka kashe juna, ya rage 4π/3. Wannan 4/3 da aka sa ku haddace a sakandare, (3/2)(1/2) ne aka kifa. Masu karatun ƙididdiga kuma, √(2π) da ke ƙarƙashin dokar rarrabuwar nomal J ɗinmu ne: sa u = z/√2, sai ∫e^(−z²/2) dz ya zama √2 × √π.

Kwamfutata ta ƙi lissafa Γ(200). Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Γ(171), wato 170!, ya kai kusan 7.26 × 10^306, kuma irin lambar da kwamfuta ta saba ajiyewa ba ta wuce kusan 1.8 × 10^308. Taki ɗaya a gaba, Γ(172), ya riga ya fi ƙarfin ma'ajin, shi ya sa `math.gamma(172)` yake ba da `OverflowError`. Yawanci ba Γ(200) ɗin kake bukata ba, rabonsa da wani babban Γ kake nema. To yi aiki da logaridim: `math.lgamma` a Python, ko `GAMMALN` a Excel. Debe ɗaya daga ɗaya, sannan ka mayar da `exp`.

```python
math.exp(math.lgamma(200.5) - math.lgamma(200))
```

Wannan zai ba ka kusan 14.13, ɗan ƙasa kaɗan da √200, wanda yake 14.14. Cikakken taki daga 200 zuwa 201 yana ninkawa da 200, rabin taki kuma da kusan √200.